Sunayen mutanen duniyar da na ƙirƙira sun ƙi zama 'yan gari ɗaya

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da matsala a labarin da nake rubutawa. Labarin wasu 'yan sama jannati ne daga nan da suka sauka a wata duniya mai tsananin sanyi, mutanenta suna zaune a cikin ramukan haƙar ma'adinai, kamar a ce tsofaffin ramukan kuza na Bukuru ne aka mayar da su birane. Na kai babi na bakwai. Jiya na ba ƙanwata ta karanta, sai ta ajiye wayar ta ce, "Yaya, waɗannan mutanen gari ɗaya suke kuwa? Sunayensu kamar kwalayen magani a kemis." Ga sunayen: Zarkon, Xilthara, Ka'al, Bintuk, Grom, Shamsiyo. Da farko na ji haushi, amma da na sake dubawa na ga gaskiyarta. Ta yaya ake yin sunayen da za a ji daga baki ɗaya suka fito?

Hajiya Mai Atamfa: Wa'alaikumus salam. Ɗana, kada ka soma sa wa yaro irin waɗannan sunaye. Sunayen sahabbai sun ƙare ne? In mace ce ka sa Shamsiyya yadda kowa ya sani, ban da wannan Shamsiyo.

Ɗan Gangare: Hajiya, ko aure ban yi ba tukuna. Mutanen cikin labari ne.

Hajiya Mai Atamfa: Au, to Allah ya kawo ta gari. Ku ci gaba.

Auwalu Tela: Abu mai sauƙi, abokina. Ka yi zaurance kawai. Ka ɗauki sunayenmu ka juya su: Musa ya zama Samu, Bala ya zama Laba, Talatu ta zama Tulata. Doka ɗaya ce, kuma duka za su yi kama da juna. Muna makarantar allo a Dilimi da shi muke zagin manyan ɗalibai ba su gane ba.

Malama Uwani: Auwalu ya kama bakin zaren, don ya ce doka ɗaya. Sai dai zaurance Hausa ce ta juya riga. Samu kalma ce da muke da ita, Laba kuma ko a Kano ka faɗa ba wanda zai waiga. Mai karatu zai ji Hausawa ne suka yi hijira zuwa sama.

Ɗan Gangare, kafin a kai ga gyara, ka lura da abin da ya sa ƙanwarka ta gane. Ita ba ta san dokar harshen mutanenka ba, amma kunnenta ya san kowane harshe yana da abin da ya haramta wa kansa. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere ba wasali a tsakani. Shi ya sa muke cewa burodi, firamare, direba, sukurudireba, muna cusa wasali a inda Bature bai sa ba. Kuma yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa. To dubi naka. Grom ya fara da baƙi biyu ya ƙare da m. Shamsiyo kuwa da wasali ta ƙare, kamar 'yar Hausa. Bintuk ya ƙare da k. Xilthara tana da x da th waɗanda ba su sake fitowa a sunan kowa ba. Suna shida, doka shida. Abin da ke haɗa sunayen gari ɗaya shi ne abin da dukansu suka ƙi yi, ya fi abin da suka yi.

Ɗan Gangare: Ranki ya daɗe, wannan Xilthara ni kaina ban san yadda ake faɗarta ba. A ido ta burge ni kawai.

Malama Uwani: Ai shi ke nan. In mai ɗa bai iya kiran sunan ɗansa ba, wa zai kira? Sannan Ka'al. Wannan ɗigon na sama, marubutan Turanci suna yayyafa shi a sunayen baƙin halittu don ado. A wurinmu ba ado ba ne, harafi ne mai aiki, shi ne a Sa'adu da jama'a da 'ya'ya. Wasu ma da shi suke rubuta ƙ da ɗ idan wayarsu ba ta da masu lanƙwasa. Bahaushe zai karanta Ka'al da hamzarsa cif, ya ɗauka Balarabe ne.

Faɗa mini, yaya bakin mutanen nan yake?

Ɗan Gangare: Na rubuta cewa leɓɓansu busassu ne masu tauri saboda sanyi, ba sa haɗuwa su rufe ruf kamar namu.

Malama Uwani: Madalla, ka riga ka rubuta dokar farko ba ka sani ba. Tsaya gaban madubi ka ce ba, ma, fa, wa. Duka da leɓe ake yin su. Ka ce u, ka ce o, za ka ga baki ya tsuke ya yi zoɓe. Duk ka zubar da su. Daga abin da ya rage ka ɗauki baƙaƙe goma: t, k, d, g, s, z, n, r, l, y. Wasula uku: a, e, i. Kada ka ƙara ko ɗaya a kai sai da dalili.

Baban Ikram: Malama, a nan kam ban yarda ba. Muna da aku a gidanmu na Anguwan Rogo shekara da shekaru, bakinsa ƙaho ne tsantsa, ba leɓe ko na magani, amma "Mama, baƙo" yake cewa tsaf idan aka buga ƙofa. In tsuntsu ya iya, me zai hana mutanen wata duniya? Sannan harafi goma sha uku kacal? Mutanen da suka gina birni a ƙarƙashin ƙasa? Ni a ganina wayayyun mutane harshensu ya kamata ya fi namu yawan sauti.

Malama Uwani: Maganar aku gaskiyarka, Alhaji. Shi daga can ƙasan maƙogwaro yake haɗa sautin, a inda bututun iska ya rabu biyu, ba ya jiran leɓe. Da Ɗan Gangare ya ce mutanensa haka suke magana, da sai mu sake lissafi. Rashin leɓe ba hujjar kimiyya ba ce da ta tilasta mana, madogara ce da muka zaɓa domin mai karatu ya ji dokar tana da tushe a jikin mutanen.

Amma yawan sauti ba ruwansa da wayewa. Harshen mutanen Hawai baƙaƙe takwas ne da wasula biyar, kuma suna da waƙoƙi da tarihin sarakuna da suka haddace da shi. A labari kuwa ƙarancin shi ne ribar. Idan ka ɗebi duk haruffan abacada, duk sunan da ka haɗa halal ne, kuma ka koma kemis ɗin ƙanwarsa.

Baban Ikram: Na ji ta Hawai. Amma ina nan kan bakana, goma ta yi kaɗan. Za a gani a gaba.

Ɗan Gangare: Na rubuta su a bangon littafina. Sai me, Malama?

Malama Uwani: Sai ginin gaɓa. Kowace gaɓa ta fara da baƙi ɗaya, wasali ɗaya ya biyo. In za a rufe ta, baƙi uku ne kawai aka yarda su rufe: l, s, n. Wato ta, tal, tas, tan duk sun halatta, amma tak da tra da at ba su shiga. Da gangan na hana r rufe gaɓa, kuma zan hana suna ƙarewa da n, don wani dalili da ya shafe mu mu kaɗai masu rubutu da Hausa. Ka sa wa jaruminka suna Takin, ka rubuta "Takin ya shigo." Idon mai karatu zai tsaya yana jiran takin me, na zamani ko na gargajiya? Ka sa wa wata Kasar, a jira a ji ƙasar wa. Waɗannan n da r na ƙarshe su ne mahaɗinmu na mallaka, gidan wane, rigar wance. Marubucin Turanci bai san da wannan tarkon ba, shi ya sa in ka kwafo salon sunayensu kake faɗawa ciki. Zarkon ɗinka ma haka yake, kamar ana shirin cewa zarkon wani abu.

Injiniya Sagir: Bari in yi lissafi. Baƙi goma sau wasali uku, gaɓa 30 buɗaɗɗu. Kowace ana iya rufe ta hanya uku, 90 ke nan. Jimla 120. Suna mai gaɓa biyu, 120 sau 120, ya ba da 14,400 kafin a cire waɗanda Malama ta hana. Baban Ikram, ko rabinsu aka zubar sun ishi littafi ɗari.

Baban Ikram: A takarda ba.

Yaya Pam: Ina ta karantawa shiru, amma ina da abin cewa kan ƙarshen suna, tunda an zo wurin. Ɗan'uwa, ka kula da irin su Bintuk da Grom. Mu a nan Filato sunayenmu da yawa da baƙi suke ƙarewa: Gyang, Pam, Dung, Chollom, Dalyop. Wani yaro ya taɓa turo mini labarinsa in duba masa, mugayen halittun da suka zo cinye duniya duk sunayensu gajeru ne masu ƙarewa da ng da m da p. Bai yi da nufi ba, shi dai ya nemi abin da kunnensa ya ji ba Hausa ba ne, sai hannunsa ya kai kan maƙwabta. Na karanta sai na ji kamar kiran suna ake yi a ajinmu na firamare. A garin nan kun san ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan Gangare: Wallahi Yaya ban taɓa kawo wannan a raina ba. Kuma Grom ɗin shi ne mugun labarin.

Yaya Pam: Na san ba da gangan ba ne. Kuma ka ga abin da Malama take faɗa a kanmu ma yana nan. In ka ji Kangyang ko Kachollom ka san daga gidan Birom ta fito. In ka ji suna ya fara da Nan, kamar Nanle ko Nandom, hankalinka zai tafi wajen Langtang, Mangu, Shendam da kewaye. Ba wanda ya zaunar da kai ya koya maka, kunne ne ya tara.

Malama Uwani: Na gode Pam, ka kawo abin da na manta. Baƙon sauti a kunnen wani, na gida ne a kunnen wani. Paul Frommer, wanda ya ƙirƙiri harshen Na'vi na fim ɗin Avatar na 2009, ya sa sautuka masu fita da tunkuɗar maƙogwaro, ya rubuta su px, tx, kx, don su yi wa masu kallo baƙunta. To wannan kx ɗin ɗan'uwan ƙ ɗinmu ne na ƙasa da ƙarfe. Abin da ya zama na sararin samaniya a can, mu da shi muke kiran ƙosai. Don haka kowane marubuci ya auna da kunnen masu karatunsa, da na maƙwabtansu.

Yanzu ga wurin da na fi so, inda sunaye ke fara numfashi. Harshe na gaske sautukansa suna taɓa juna su canja. Muna cewa mota amma motoci, gida amma gidaje, kaza amma kaji, ɓarawo amma ɓarayi. Wasalin i ko e ne ke jan baƙin da ke gabansa zuwa ganɗa. Ba wanda ya ga motoci ya ce wata kalma ce daban da mota. Ka ba mutanenka irin wannan guda uku, kada su wuce haka:

n in ta haɗu da l ko r, ta rikiɗe ta zama su.
n a ƙarshen suna ta faɗi.
t ba ta zama gaban i, sai ta koma s.

Sai ka ƙirƙiri 'yan saiwoyi masu ma'ana a rayuwarsu. Mutanen rami da sanyi me za su daraja? A ce den ƙanƙara ce, ral ɗumi, kas dutse, yen haske, le kuma ɗa. Haɗa den da ral, n ta haɗu da r, ka sami Derral, mai narkar da ƙanƙara. Haɗa kas da den, n ta faɗi a ƙarshe, ka sami Kasde. Juya su, den da kas, ba abin da ya taɓa n, ka sami Denkas. Yen da le su ba ka Yelle, ɗan haske, wataƙila wanda aka haifa a bakin rami inda rana ke leƙowa. Ka ga ƙanƙara ɗaya ta fito da fuska uku, Der da Den da de. Mai karatu ba zai iya faɗa maka dokar ba, amma kafin babi na biyar zai fara jin waɗannan mutane dangi ne.

Auwalu Tela: To ai wannan kamar Ɗanladi da Ladi ne, Ɗanjuma da Jummai.

Malama Uwani: Shi ne fa. Mu ranar haihuwa muke sawa a suna, da abin da ya faru, kamar Tanko da ya biyo mata ko Gambo da ya biyo tagwaye. Su sai ka tambayi kanka me suke lura da shi ranar da aka haifi yaro. Kuma ba dole su bambanta sunan mace da na namiji ba. Mu mun saba da a a ƙarshen sunan mace, har duk sunan da ya ƙare da ita mai karatu zai sa masa ɗankwali. In mutanenka ba su damu da wannan ba, ka nuna tun shafin farko da "ya ce" ko "ta ce" kusa da sunan.

Injiniya Sagir: Malama, kin ɓata mini lissafi, tunda kin kashe ti gaɓoɓin sun koma 116. Amma na rubuta ɗan shirin kwamfuta da dokokin, ga shi ga mai so:

```python
import random
baki, wasali = "tkdgsznrly", "aei"
rufi = ["", "", "l", "s", "n"]
def gaba():
    return random.choice(baki) + random.choice(wasali) + random.choice(rufi)
s = gaba() + gaba()
s = s.replace("nl", "ll").replace("nr", "rr").replace("ti", "si")
if s.endswith("n"):
    s = s[:-1]
print(s.capitalize())
```

Na sa gurbi biyu babu komai a jerin rufi don kada gaɓoɓi rufaffu su yi yawa suna ya yi nauyi. Na kunna shi sau da yawa, ya ba ni Zelka, Rinde, Gasle, Yirra, Tesni. Sai kuma ya ba ni Kare, Zagi, Tanki, Gadi, da wani guda da ba zan rubuta ba saboda Hajiya tana nan.

Hajiya Mai Atamfa: Ka kyauta wa kanka.

Baban Ikram: Ahaf! Ban faɗa ba? Duk haruffan nan goma sha uku na Hausa ne, gaɓar ma irin tamu ce, dole a riƙa cin karo da kalmominmu. Jarumi guda a kira shi Kare. Da an sa p ko v ko wani abin da ba mu da shi, da ba a shiga wannan ba.

Injiniya Sagir: P da v da leɓe ake yin su, Alhaji.

Baban Ikram: To a nemo wani. Ni dai magana ta ita ce a samu sauti ɗaya da zai zama tambarinsu.

Malama Uwani: Wannan karon rabin gaskiya na wurinka. Cin karon dole ne, kuma maganinsa tacewa da ido, ba na'urar da za ta san Zagi ba sunan kirki ba ne. Amma sautin da mai karatu bai iya furtawa ba, zai mayar da shi na gida ko ka so ko ka ƙi. Mu ne muka mayar da sunan jihar nan Filato. Ka rubuta Pel, a Kano a karanta Fel. Ka zuba wahala, tambarin ya goge. Ni na fi yarda a yi tambarin da tsari: rashin m da b da u shi kansa ana jin sa. Ka duba kowane shafin Hausa ka ga yadda mu da ba da ma da wani suka cika shi. Sunan da ba ya taɓa leɓe a tsakiyar wannan, kamar mai farar riga ne a kasuwar gawayi.

Ɗan Gangare, ga gwajin da zai nuna maka ko dokokin sun tsaya da ƙafarsu. 'Yan sama jannatinka su wane ne?

Ɗan Gangare: Musa, Garba da Maryam.

Malama Uwani: To mutanen ramin ba za su iya kiransu haka ba, kamar yadda kakanninmu ba su iya cewa hospital ba sai asibiti. Ka tsayar da musaya ɗaya kada ka sauya: m ta koma n, b ta koma d, u ta koma i, o ta koma e, r mai rufe gaɓa ta koma l. Garba zai zama Galda. Maryam, m ta farko ta zama n, r ta zama l, m ta ƙarshe ta zama n sannan ta faɗi, ka sami Nalya. Musa kuma Nisa.

Auwalu Tela: Nisa! Mutumin da ya taso daga wata duniya a kira shi Nisa. Wannan ai kyauta ce daga Allah, ka sa abokansa su riƙa tsokanarsa da shi.

Ɗan Gangare: Wallahi ya shiga babi na uku yau ɗin nan. Bari in gwada da tsofaffin sunayena, Malama ki duba mini. Zarkon: r ta koma l, o ta koma e, n ta faɗi, Zalke. Shamsiyo: ba su da sh, sai s, Sansiye. Xilthara in na karanta x kamar z, Ziltara. Ka'al ya zama Kayal. Grom in raba baƙaƙen da wasali, Gere. Bintuk kuma b ta zama d, u ta zama i, k ba ta rufe gaɓa sai ta faɗi, Dinti.

Injiniya Sagir: Ka ci tara cikin goma. Dinti tana da ti.

Ɗan Gangare: Kash! Dinsi ke nan.

Malama Uwani: Ka ga yanzu kai ma dokar tana kama ka, alamar ta zama doka. Zalke, Sansiye, Ziltara, Kayal, Gere, Dinsi. Karanta su a jere ka ji. Sai dai gyara biyu. Kayal ya yi kusa da Kamal da Bilal da Faisal, za a ɗauka ɗan Musulmi ne, ka cire l ɗin ko ka canja wasalin. Na biyu shi ne inda tsoron Baban Ikram yake da gaskiya: ƙaramin rumbu yana haifar da sunaye masu kama da juna har su rikita. Kana da Zalke da Ziltara, kana da Derral, Denkas da Dinsi. Mai karatu a waya, cikin keke daga Terminus zuwa Farin Gada, harafin farko da tsawon suna kawai yake kamawa. Manyan jarumai kowa da harafin farkonsa, wani gaɓa biyu wani uku. In biyu sun fara da harafi ɗaya, to ya zama wa da ƙane ne, kamar ta zama da dalili.

Maman Husna: Ni tawa matsalar daban ce, ku yi haƙuri in shigo da ita. Littafina na aljanu ne a ƙarƙashin teku, na riga na saki babi talatin ga masu karatu, sunayen kuma kowa da inda na tsinto shi. Yanzu in canja su ai kashe ni za a yi. Akwai dabara?

Yaya Pam: Ki ce garin nasu mahaɗa ce, kamar Jos. Kowa da inda kakansa ya fito.

Malama Uwani: Dabarar Pam tana aiki, in kin raba su gida biyu ko uku kika sa kowane sabon suna ya bi gidansu daga yanzu. Har ana iya yin kare-karen harshe da doka ɗaya tak. Bakano ya ce zauna da sauro, Basakkwace ya ce zamna da sabro, kalma ɗaya ce, baƙin da ya rufe gaɓa ne ya narke ya zama u a gabas. Ɗan Gangare ma zai iya: mutanen rami mai zurfi su riƙe n ɗinsu, su ce Denral da Kasden, na kusa da sama su ce Derral da Kasde. Daga yadda mutum ya kira suna a gane asalinsa, har ɗan leƙen asiri ya tonu da haka. Amma sai doka ta zauna a kunnen mai karatu kafin a karya ta, in ba haka ba kuskure za a ɗauka.

Maman Husna: Nawa gida goma sha za su yi, ba uku ba. Allah dai ya kyauta.

Ɗan Gangare: Na dawo da rahoto. Da daddare na rubuta sunayen a takarda na kai teburin mai shayinmu, na ba mutum uku su karanta da ƙarfi ba tare da na fara faɗa musu ba. Zalke, Nalya, Galda da Dinsi kowa ya faɗe su iri ɗaya. Ziltara an samu saɓani, ɗaya ya ja ta, ɗaya ya ja ra, amma wannan ban damu ba, tunda rubutunmu ma ba ya nuna tsawon wasali. Inda aka samu matsala shi ne e. Yaran Jos biyu sun ce Derral da Denkas yadda na rubuta. Shi kuwa mai shayin, mutumin Kazaure ne, ya ce Darral, sannan ya kalli Denkas ya ce, "Ɗan Kas? Wane ne Kas ɗin?"

Malama Uwani: Laifina ne, ya kamata in hango. A Hausar can, gajeren e a cikin rufaffiyar gaɓa yana karkata zuwa a, shi ya sa kake jin Ballo a maimakon Bello, fansir a maimakon fensir. Yaran nan sun tashi cikin Turanci da harsunan Filato, e ɗinsu a tsaye take. Ina ganin ka mayar da saiwar den ta zama din: Dirral, Dinkas, Kasdi. Ka hana e shiga gaɓar da aka rufe gaba ɗaya, yen ma ta koma yin, Yelle ya zama Yille.

Yaya Pam: A'a Malama, ban goyi baya ba. Wannan e ɗin ce ta sa sunayen suka fita daga Hausa. Dirral kamar ana cewa ya dira daga mota, Dinkas kuma ɗinki za a ji, ku tambayi Auwalu. Don mutum ɗaya ya karanta da karin garinsu ba za a rushe gini ba. Ni nawa sunan sau nawa ake kiransa Fam, ban canja ba.

Injiniya Sagir: Amma masu karatun Kano da Katsina da Zariya sun fi na Jos yawa nesa ba kusa ba. Kuma in aka karanta littafin a murya aka sa a intanet, bakin mai karantawa ne zai zama sunan.

Baban Ikram: Da kun ƙara harafi ɗaya tun farko.

Ɗan Gangare: Derral zan bar shi, ko an ce Darral ba a yi ɓarna ba. Denkas ne dai ba zan iya ba, tun jiya mai shayi yake tambayata lafiyar Kas. Na juya shi ya koma Kasde. Ƙanwata ta karanta sabon babin, ta ce yanzu sun yi kama da 'yan gari ɗaya, sai dai ita ba ta yarda mugu ya amsa sunan Gere ba, wai kamar sunan ɗan akuya. Malama, a cikin dokar nan akwai yadda za a sa suna ya yi nauyi ba tare da an koma Grom ba?

Malama Uwani: Rufe gaɓoɓin duka biyu, ka tsaya kan a, ka guji i. Dubi yadda muke cewa ɗan mitsitsi da kuma ƙato fankameme. Gwada Galdas ko Zaskal ka kai wa mai shayi.

Injiniya Sagir: Galdas ya yi kusa da Galda, kada a ɗauka ɗan Garba ne.

Ɗan Gangare: Zaskal kuma ya haɗa harafi da Zalke da Ziltara. Bari in kai masa Raskal in ji.

Yaya Pam: Kada ka soma. Tambayi duk wanda ya yi firamare a garin nan abin da hedimasta yake nufi in ya kira yaro da wannan.